Kwana biyar ɗiyana ba su yi magana ba saboda mataki

Shekarar da babban ɗana zai tafi Abijan wurin ubansu, bayan mun gama ɗaure damman hatsi, gidana na Tamaske ya yi shiru irin wanda ban so. Ɗiya biyu maza gare ni. Babban yana da shekara ashirin lokacin, lakwal, wato makarantar boko, ya bari tun yana ƙarami ya kama gona. Ƙaramin yana da sha bakwai, yana kwaleji. Ni ba mai fita ba ce, ko biki sai ya zama dole, don haka duk abin da aka faɗa cikin gidan nan kunnena ya ɗauka.

Abin da ya haɗa su tun da ubansu ya aiko da portabul, wayar hannu, shi ne desanime na Japon, waɗannan zanen masu faɗa. Bayan la'asar sai su zauna ƙarƙashin rumfa, kai da kai, portabul ɗin yana jingine da turmi. Mutanen ciki suna ihu da yarensu, rubutun Faransanci yana wucewa a ƙasa, ƙaramin yana karantawa yana maida wa wansa da Hausa. Ni ina tankaɗe ko ina gyaran kuka, ban kallo, amma ina ji. Da haka na san cewa kowane mai faɗa yana da mataki, D a ƙasa, sai C, sai B, sai A. Na ce to an kai ƙarshe. Ƙaramin ya ce a'a, akwai S a bisa A. Na ce wace irin lakwal ce wannan da ake sa S gaban A? Suka yi ta dariya.

Gardamar da ta ɓata su a kan mutum biyu ce da ba su taɓa haɗuwa ba, don ba ma cikin labari ɗaya suke ba. Na ƙaramin mai mashin wuta ne, irin mashin da ake suka da shi, matakin S, wanda aka ce na'urar da ke auna ƙarfi ta fashe da aka nuna shi. Na babban wani gurgu ne mai sarƙa, matakin C, wanda duk ya taɓa sai jikinsa ya yi nauyi ya kasa ɗaga hannu. Wa zai ka da wani? Mako biyu suna wannan. Ranar da abin ya lalace, ina jin ƙaramin ya ce:

"Kai Yaya, S da C kake haɗawa? Ai ko rubutun ƙasan ba ka iya karantawa, ni ke gaya maka komi. In da za a yi ma gidanga mataki, D kake."

Da wasa ya fara ta, na ji a muryarsa, amma ba da wasa ta ƙare ba. Babban ya ɗauke kai daga portabul ɗin. Ya tashi ya ɗauki igiya ya tafi wurin awaki. Saura kwana biyar motar da za ta kai shi Abijan ta tashi.

Hankalina ya ƙi kwanciya. Wanda ya tafi Abijan ba ka san ran dawowarsa ba, ubansu shekara uku rabonmu da shi. Na san 'yan'uwa a unguwarmu da suka rabu da fushi kan abin da bai kai wannan ba, har yau kowa da ƙofarsa. Na dafa tuwo na zuba musu kwano ɗaya, babban ya ce ya ƙoshi. Na ce ƙaramin ya ba shi haƙuri, ya je ya tsaya yana sosa ƙeya, wansa ya juya mishi baya. Na share tsakar gida sau uku rana ɗaya. Na kwance kayan tafiyar na sake ɗaurewa ba dalili. Na sa gishiri sau biyu a miya.

Rana ta uku na ce tunda faɗa da lallashi ba su yi ba, bari in shiga ta ƙofar da suka fita. Na kira ƙaramin yana dawowa daga lakwal.

"Zo nan, malam mai S. Gaya mini, mi ya sa masu zanen nan ke raba ma mutane mataki?"

Ya zaci zan yi mishi faɗa. Da ya ga da gaske nake, bakinsa ya buɗe. Ya ce labarin littafi ne tun farko, ana fidda shi kaɗan kaɗan duk mako, shekara da shekaru, kafin a maida shi mai motsi. Mai rubutun ba shi da lokacin nuna ƙarfin kowane sabon maƙiyi, to sai ya liƙa mishi harafi ko lamba. Da an ce wanga A ne, yaron labarin kuma C, ka san akwai wuta ba sai an daki kowa ba. Kuma matakin tsani ne, kana ganin yaron yana hawa, kana jiran na gaba, ba ka iya bari. Na ce in ya kai ƙarshen tsanin fa? Ya ce sai a ƙara wani bisa, a kawo SS, ko lambar da take dubu ta koma miliyan, har wanda ya ba kowa tsoro a farko ya zama abin dariya. Wani lokaci ma a kawo sabon mugu ya ka da babban gwani da bugu ɗaya, don kawai a nuna shi ya fi. Ya ce har kati da wasannin portabul ana sayarwa da matakan nan.

"To ku masu gardama, da mi kuke aunawa?"

Ya lissafa mini da yatsu. Abin da mutum ya yi ido ya gani: bango ya rushe, ko gari, ko dutse, ko ƙasa ɗungum. Saurinsa. Irin bugun da ya sha ya tashi. Sai sarƙar ka da juna: wane ya ka da wane, wanda aka kayar kuma ya taɓa ka da wani, to na farkon ya fi na ƙarshen. Ya ce ana ma tambaya wane lokaci ake nufi, kafin mutum ya yi horo ko bayan ya yi, kuma sassan da masu zanen motsi suka ƙara, waɗanda babu cikin littafin, ba a kafa hujja da su. Mai mashinsa ya raba dutse biyu, gurgun Yaya ko ɗaki bai taɓa rushewa ba. Magana ta ƙare, in ji shi.

Kashegari da hantsi na sami babban yana gyaran dangar awaki. Na riƙe mishi kara na yi mishi tambayar da na yi ma ƙanensa. Ya ce:

"Inna, matakin nan wa ke ba da shi? Wasu manya ne cikin labarin, a ofis, da takarda. Jarrabawa ce. Gurgun bai je jarrabawar ba sai sau ɗaya, shi ya sa yake C. Kuma dutsen da ake cika baki da shi, ba a nuna ba. Wani ne cikin labarin ya ce an ce ya raba dutse. Abin da aka ce daban, abin da aka yi daban, kowa ya san haka in ana gardama."

Ya ce sarƙar ma ƙarya gare ta. A kokowa mun sha gani, wani ya ka da wani, wanda aka kayar ya ka da na uku, na ukun ya zo ya ka da na farkon, don kowa da irin kamun da ba ya so. Gurgun ba ƙarfi yake gwadawa ba, taɓawa ɗaya yake nema. Ya faɗi wannan yana jan igiya har ta yanke mishi hannu, na san ba gurgu kaɗai yake karewa ba.

Rana ta biyar, jajibirin tafiya, na kasa zama. Bayan la'asar na ɗauko portabul ɗin daga sharji na jingina da turmi, na kira su da muryar da ba a ƙi.

"Ku zauna. Ni zan raba gardamar nan."

Suka zauna nesa da juna kamar baƙi. Na ce da farko, tiyar awon hatsi ta kasuwarmu da ta wani gari ba ɗaya ba ce, kowane mai labari da tasa tiya, S ɗin wancan ba S ɗin wannan ba ne. Ƙaramin ya ce shi ya sa ake duba dutse da gari. Na ce ya yi shiru ban gama ba.

"Shekara biyu ina jin abin nan ta kunne. Ban san harafi ba, amma na san wanda za shi faɗuwa. Duk sa'ad da na ji wani na gefe ya ɗaga murya yana rawar baki yana faɗin matakin mutum, kiɗa ya yi nauyi, shi kuma mai matakin ya yi dariya mai tsawo, to kafin kiran magariba yana ƙasa. Ba a kirarin mataki sai ga wanda za a kayar. Ku bar dutse da sarƙa. In aka haɗa mutanen nan naku, wanda aka fara yi ma ihu shi ya faɗi."

Ƙaramin ya dafe kai. "Inna, ba haka ake yi ba! Wannan ai ba awo ba ne!"

Babban ya yi ta riƙe dariya, sai ta kuɓuce mishi. "Wallahi Inna ta ɓata wasa. Kai, ka tuna mai kahon nan? An yi ta ihun matakinshi kuma shi ya ci."

"Ya ci na farko, Yaya, amma ya faɗi a na biyu."

"To ka gani? Bai faɗi kafin magariba ba."

"Ai Inna ba ta san akwai faɗan da ke kai sassa goma ba."

Na ce ni dai na faɗi tawa. Suka taru a kaina, wannan ya kawo misali wancan ya ƙara, suna neman wanda zai karya maganata. Sun sami uku, wai. Na ƙi yarda da ko ɗaya don kar su gama da wuri. Can na ji ƙaramin ya rage murya ya ce, "Yaya, maganar ranar nan, bakina ne ya yi sauri." Babban ya ce, "Matsa, kana tare mini haske." Ƙaramin ya matso maimakon ya matsa, ya ci gaba da karanta mishi rubutun ƙasa.

Da safe ƙaramin ne ya ɗauki jakar har tasha. Ni ban je ba, na tsaya bakin zaure ina jin muryoyinsu suna nisa, har lokacin ba su yarda da juna kan gurgun da mai mashin ba. Da suka sha kwana na koma ciki, na ɗauki tsintsiya, na ajiye, na rasa abin da zan yi da hannuwana.