Imel ɗin da ya isa gonar Mahuta da murya

Shekarar da na fara aiki a wani ƙaramin ofishin gwajin ƙasar noma a Funtua, abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne karanta littattafan soyayya a ƙarƙashin tebur. Sai ga Oga ya ba ni abokiyar hulɗa ta farko: wata Hajiya 'yar kasuwa, iyayenta Yarbawa ne amma a garin aka haife ta, ta yi hayar gona a Mahuta za ta shuka masara.

"Ki tura mata imel na maraba," in ji shi. "Ban da waƙa."

Na rubuta cewa za mu fara da auna iyakar gona, mu ɗebi samfurin ƙasa, bayan mako biyu ta karɓi taswira da sakamako da shawarar takin da ya dace. Na sa ranar da za mu zo, da lambar wayata don tambayoyi, da ta jami'inmu na gona don ranar zuwa. Na ja layi a ƙarƙashin magana guda: kada a zuba taki kafin mu zo, don zai ɓata gwajin. Amma zuciyata ba ta haƙura ba, a ƙarshe na ƙara cewa ƙasa tamkar masoyiya ce, sai an saurare ta take buɗe sirrinta.

Ba ta amsa imel ɗin ba. Na kira, wayarta a kashe. Sai ruwa ya sauka, kowa ya bazama gona. Oga ya ce in an riga an zuba taki, aikin bana ya tashi, kuma ba zai sake ba ni kowa ba. Na dinga hango Hajiya ta juya mana baya, gyalenta na kaɗawa, ni kuma ina hawaye a bakin taga.

Ranar da na sa a imel, na bi jami'in namu zuwa Mahuta. Wani dattijo mai kula da gonar ya tare mu.

"Ke ce mai masoyiya?"

Ya ciro ƙaramar wayarsa ya danna. Muryar Hajiya ce, tana karanta imel ɗina tun daga sallama tana yi masa bayani, har inda dariya ta ƙwace mata. Ashe ta tafi Legas saro kaya, kuma ta san Baba ba ya karatun boko.

"Baba, takin fa?"

"Ga shi can a ɗaki, ko zaren buhu ban kwance ba. Maƙwabta har sun ce na tsufa na manta damina."

Na zauna a kan kunyar gona. Jami'in ya miƙo mini bokiti ya ce, "Malama, taso, gonar da faɗi." Muka bi ta a karkace, yana haƙa, ina tara ƙasa, Baba na biye da mu yana tambayar yaushe zai samu izinin buɗe buhunansa.