Mai Sharar Malam

Maigidana ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi, ya ajiye alli ya koma kiwon kaji. Ƙannena na kiransa Sarkin Zakaru, shi kuma har amsawa yake.

Malam ba ya ganin gurbin rubuta adireshin imel ya wuce. Wasiƙun labarai na masu kaji, na masu zuma, har na masu kallon taurari, duk mako sai sun cika masa akwati. Burinsa ɗaya: mujallar masu kiwon kaji ta buga rubutunsa. Shekara shida yana aikawa, shiru kamar an shuka dusa. Ina tsokanarsa, amma abin na ci masa rai, ni ma yana ci min.

Wata Asabar ya zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa ta kan tebur, ya buɗe manhajar imel, ya kafa doka: duk saƙon da ya fito daga adireshi kaza da kaza, har da na mujallar, a kwashe shi zuwa folda mai suna "Sai Na Huta". Nan take akwati ya yi fes.

"Uwargida, na ɗauki mai shara," in ji shi, har da 'yar rawa.

Washegari ya kashe kwamfuta ya fita, ya duba waya, ga tarkace sun sake taruwa. Ya kira maƙwabcinmu mai gyaran kwamfuta yana faɗa.

"Malam, a cikin manhajar kwamfutarka ka kafa dokar, ba can wurin kamfanin imel ba," in ji maƙwabci. "Saƙo can yake fara sauka, wayarka ta gani. Mai shararka kuwa sai manhajar na buɗe yake aiki. Ka rufe, ya yi barci."

Tun daga nan Malam ya hana a kashe kwamfuta. Foldar kuwa bai taɓa leƙawa ba, don bai taɓa hutawa ba.

Ranar Laraba zan yi guga, soket ɗaya ne a falon, na zare filogin kwamfutarsa na jona na dutsen guga. Can sai ga shi daga kejin kaji, takalmi ƙafa ɗaya, yana miƙo min waya. Saƙon editan mujallar ne, daga wannan adireshin da ake sharewa: za su buga rubutunsa, ya tura hotonsa kafin azahar, in ba haka ba a ba wani shafin.

Muka dubi kwamfuta, ta yi baƙi ƙirin. Da tana kunne, da saƙon ya tafi "Sai Na Huta". Dariya ta kama mu har na kusa ƙona rigarsa da nake gogewa.

"Wa ya kashe min mai shara?" ya tambaya, idonsa ya ciko.

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"To gama gugar. Da rigar nan za a ɗauke ni hoton."