Tsakanin "Na Gani" da "An Ce"

Wata Asabar ce cikin Agustan 1993, ruwan Anaca, can ƙasar Ibo, ya ɗan tsagaita, ni da kakata Iya muna tsakar gida muna ware ruɓaɓɓiyar albasa, sai Baba ya shigo sharkaf ya ce a fara ɗaure kaya. An soke zaɓe, ƙasa ta ɗauki zafi, kullum motoci na sauke Ibo a tashar Upper Iweka daga Legas da Arewa, da katifunsu da tukwanensu. An ce in sun gama dawowa, kanmu Hausawa za a juyo. Shekarata goma sha ɗaya. A layin nan aka yanke mini cibiya, yaren Ibo ya fi Hausa zama a bakina, ni da Ngozi 'yar mai gidanmu muke layin famfo, mu dawo mu baje carafke a bakin ƙofa. Kano kuwa a bakin mutane kawai na san ta. Na fashe da kuka, don ba na son tafiya.

Iya ko kai ba ta ɗaga ba. Ta tambayi Baba wa ya ce, ya amsa an dai ce. "An-ce ba shi da gida, balle a je a tambaye shi," in ji ta. "Zauna, yau zan ba ku labarin araba." Ni yaƙin basasa a littafin makaranta na san shi: 'yan layuka, 1967 zuwa 1970, mu haddace don gudun bulala, babu mai jin yunwa ko tsoro a ciki. Da na ji an ce labari sai na share hawaye na ce ta zo mu ji ta. Ai kuwa na sha jifa da albasa. "Gidanku ake tatsuniya da rana?"

Iya ba ta san lissafin boko ba, sai ta kafa lokacin da cewa gadar kogin Kwara da ke garin ba ta shekara da buɗewa ba, Baba kuma yana famfarar haƙori. Kalmar araba, wato a raba ƙasa, daga Arewa ta iso. Kowace magana sai ta faɗi inda ta samo ta. Motocin da suka sauko da masu rauni daga Arewa, wannan ta gani. Sanarwar cewa baƙi su bar Gabas, a rediyon maƙwabci ta ji. Abin da aka yi wa Hausawa a Fatakwal da Inugu, wani direba ne ya gaya mata, kuma shi ɗin yana da ƙarin gishiri. Kakana ya fita kasuwar Ose ya ga yadda gari yake, bai dawo ba. Na tambaya ko kashe shi aka yi, ta ce ba ta gani ba, ba kuma za ta ɗora wa kowa jinin da ba ta gani ba.

Daga nan ta tura ni ɗakin kakar Ngozi, wai rabin labari ne a hannunta, ɗaya rabin yana can. Tsohuwar tana gyaran kifi, ta gaya mini da Hausar Jos tsaf yadda ta baro garin a shekarar nan da 'ya'ya a hannu, gawar mijinta kwance a bakin shagonsa. Shekaru muna cin tuwon juna, ban taɓa sanin tana jin Hausa ba. Na dawo tsakar gida na zauna.

Iya ta dubi Baba ta ce wancan karon ta ga masu rauni, yanzu katifu kawai take gani, a jira a ga zahiri. Zuciyata ta yi fari, na ɗauka mun zauna. Sai Baba ya ce, "Iya, shi ma mahaifina gani ya fita yi." Iya ta miƙe ta fara naɗe tabarma, washegari muka hau motar albasa da za ta koma Arewa fayau.

A layinmu ba abin da ya faru a shekarar, amma ba mu sake komawa ba. Da na girma na bi littattafai da tsofaffin jaridu, na tarar araban Iya ta 1966 ce, yaƙin kuwa sai Yulin shekarar da ta biyo, ita ta haɗe su wuri guda. Littafi ya gyara mata lokaci, ita ta ba shi mutane. Yau ina rubuta tarihi ga masu gyangyaɗi a aji irina, kuma an-ce ya samu waya, kafin a tambayi wa ya ce har an cika mota. Nakan yi kewar tsakar gidan nan da tsofaffi biyu masu riƙe da rabi-rabi. A babin kakana har yau layi ɗaya ne: ya fita da safe, ba wanda na samu da ya ga sauran.