Takardar Malam Labaran Dillalin Shanu

Duk wanda ya taɓa shiga karar Wudil ranar Juma'a ya san Malam Labaran, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne dogo, siriri, yana ɗan jan ƙafar hagu tun wata shekara da bijimi ya matse shi da turke. A Dagumawa gidansa yake, amma a kara ya girma, ya fara da riƙe igiya har ya zama dillali. Aikin dillali kuwa bai tsaya ga haɗa mai saye da mai sayarwa a karɓi la'ada ba. Baƙo zai zo da saniya daga inda ba wanda ya sani, dillali ne zai ce ya tsaya masa. In gobe aka gano ta sata ce, ba a neman baƙon, wuyan dillalin ake kamawa. A cikin wannan sana'a Malam Labaran ya yi furfura, kuma ba a taɓa jin ya ce bai san zancen ba.

Da jami'a ta cika gari da ɗalibai, masu gidajen haya suka fara cewa ba sa ba yaro ɗaki sai ya kawo wanda zai tsaya masa a rubuce. Alhaji Sabo na cikinsu. Yana da gida mai ɗakuna a jere a wata tsohuwar unguwa, mutum ne mai saurin hawa, kuma ɗalibai sun sha gasa masa gyaɗa a hannu. Takardun lamuni kam ya ga iri-iri. Wasu da tambarin ofis, wasu da turanci mai tsawo kamar hukuncin kotu, amma ranar da ka kira lambar sai ka ji ta a kashe.

Ta Malam Labaran gajeriya ce. Shi ya faɗa, 'yarsa Sakina malamar firamare ta rubuta, ya sa hannu, aka haɗa da hotonsa da kwafin katinsa na ɗan ƙasa. Ga abin da ta ce:

"Zuwa ga Alhaji Sabo, bayan gaisuwa. Ni Labaran dillalin shanu, mazaunin Dagumawa, na tsaya wa Saifuddeen Jamil, jikan aminina, a kan ɗakin da ka ba shi na shekara guda. In bai biya haya ba ni zan biya. In ya ɓata wani abu ni zan gyara. Halinsa a gidanka da unguwarka a wuyana yake. Ga lambata a ƙasa."

Alhaji Sabo ya karanta, ya taɓe baki, ya jefa ta cikin jakar da yake tara irinta. A ransa ya ce kowa ma haka yake faɗa.

Shi wannan Saifuddeen a Agege aka haife shi. Kakansa mai safarar shanu ne zuwa Kudu, shekara da shekaru a hannun Malam Labaran yake saye, shi ya sa da yaron ya samu gurbin karatu aka turo shi wajensa. Yaro ne mai ƙoƙari, ba ya shaye-shaye, ba ya tara abokai. Matsalarsa ɗaya, a gidan bene ya tashi, inda kowa ke ganin tsakar gidan kowa ba a damu ba.

Wata Alhamis da la'asar ya sayo ɗan faifan sola saboda cajin waya da kwamfuta. Ya aro tsani, ya jingina, ya haye rufi abinsa. A unguwa irin wannan ko bishiya za ka hau sai ka aika yara gidajen maƙwabta, sannan ka ɗaga murya ka ce za a hau sama, ka dakata mata su kimtsa. Saifuddeen bai taɓa jin wannan ba. Bayan katangar kuwa gidan Malam Maikano ne, matarsa da 'ya'yansa mata suna tsakar gida ana kitso, ba mai ko ɗankwali.

Aka watse da gudu. Malam Maikano ya fito a fusace, ya ce yaro ya sauko. Da Saifuddeen ya sauko ya ba da haƙuri da maganar ta mutu a nan. Sai bakinsa ya ja masa. Daga saman ya ce, "Baba, ni aikina nake yi, ban kalli kowa ba. Kuma ɗakin nan biya na yi."

Kafin magariba unguwa ta ɗauka. Alhaji Sabo ya iso yana huci, ya ce zai mayar wa yaron ragowar kuɗinsa ya kwashe kayansa, shi ba zai ɓata da maƙwabtan da ya gada ba saboda ɗan haya. Jarrabawa kuwa saura mako biyu, kuma a irin wannan lokaci ko ɗakin ajiyar kaya ba ka samu a Wudil. Saifuddeen ya tsaya ya yi tsuru-tsuru. Sai da Alhaji ya koma gida ya tuna da takardar. Ya lalubo ta, ya danna lambar, don dai ya samu wanda zai sauke wa sauran faɗan.

Bugu ɗaya aka ɗauka. Dattijon ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba, sannan ya ce, "To, Alhaji. In Allah ya kai mu gobe da hantsi ina tafe."

Alhaji Sabo bai yarda ba. Gobe Juma'a, ranar da dillali ke samun abin da zai ci mako. Wa zai bar kara a cike ya zo kan maganar ɗan wani? Amma da hantsi sai ga ɗan acaɓa ya sauke Malam Labaran a ƙofar gidan hayar, da sandarsa, gefen rigarsa duk ƙurar kara.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da gajiya da kasuwa. Alhaji ya gyara zama zai fara zayyana laifin yaron, dattijon ya ɗaga hannu.

"Na ji komai jiya, Alhaji. Laifin nawa ne. Na san inda yaron nan ya tashi, na tambaye shi sallarsa, na tambaye shi abokansa, ban tuna na faɗa masa yadda ake zama da katangar mutane ba. Ina gidan mutumin da na yi wa laifi?"

Alhaji Sabo ya ce, "Malam, ai ba kai ka hau ba."

"Ba ka karanta takardar ba ne? A wuyana na ce."

Saifuddeen na raɓe jikin ƙofa. Malam Labaran bai harare shi ba, bai ma ce masa ya biyo shi ba. Ya dogara sandarsa ya nufi gidan Malam Maikano, Alhaji na biye, yaron na can baya.

Malam Maikano na zaune a dakalin ƙofar gidansa da wasu maƙwabta. Ya kai shekara hamsin, amma ko a haka Malam Labaran ya kusa haifarsa. Dattijon ya yi sallama, ya tuɓe takalmansa tun daga nesa, ya taka ƙasa mai zafi. Sannan ya jingine sandar, ya dafa gwiwar nan mai ciwo, ya durƙusa a gabansa. Ya ɗauki lokaci kafin ya kai ƙasa, kowa na jin yadda numfashinsa ke fita.

Malam Maikano ya zabura. "Subhanallahi, Baba, tashi don Allah."

"Bar ni a nan, Malam. Jiya an keta maka mutuncin gida, aka kuma mayar maka da magana. Wanda ya yi, ni na kawo shi unguwar nan, ni na ce a yarda da shi. Ban zo in ce yaro ne ba, ban zo in ce bai sani ba. Na zo ka yafe mini. In an isar wa mutanen gida ma su yafe mini."

Alhaji Sabo ya zuba wa dattijon ido. Wannan mutum ne da manyan fatake ke miƙe masa a kara, mutumin da kalmarsa ɗaya ke sa a kora garke guda a bashi, ga shi a ƙasa ba takalmi saboda ɗan da ba nasa ba. Alhaji ya tuna yadda ya jefa takardar nan cikin jaka, kunya ta rufe shi. Bai taɓa zaton akwai mai rubuta kalmar hali yana nufin ta har haka ba.

Malam Maikano ya kama kafaɗun dattijon yana cewa ya yafe, wallahi ya yafe. Da ƙyar aka tashe shi aka zaunar a kan dakali. Sai dattijon ya juya ga mai gidan haya.

"Saura kai, Alhaji. Gida naka ne, ba zan ce dole ka bar shi ba. In ka ce ya fita, yau zan tafi da shi Dagumawa, zaurena ya ishe shi, ya riƙa zuwa jarrabawarsa daga can. Abin da na ɗauka shekara ne, ko a gidanka ko a nawa."

Alhaji Sabo ya buɗe baki zai yi magana. Malam Maikano ne ya riga shi. "Alhaji, a bar yaron. Ni aka yi wa, kuma na ce ya wuce."

"Ya zauna," in ji Alhaji, a hankali. "Ya zauna, Malam."

Dattijon ya yi godiya, ya ce bari ya koma ko zai tarar da ragowar kasuwa kafin masallaci. Ya miƙe ya waiga inda ya bar takalmansa, ba su nan. Suna hannun Saifuddeen. Yaron ya zo ya durƙusa ya ajiye su a gabansa, ya juya wajen Malam Maikano yana son yin magana, kuka ya ci ƙarfinsa.

Malam Labaran ya zura ƙafa cikin takalmin, ya dafa kan yaron ya daidaita tsayuwarsa. "Faɗa masa," ya ce. "Ina jiranka."