Littafin da Na Kai wa Mai Turaren Wuta

A shekarar da aka mayar da ni koyarwa a wata firamare ta ƙauye kusa da Tsanyawa, na yi ƙawa a cikin mota. Duk ranar kasuwa, idan an tashi daga makaranta, nakan biya in yi cefane, ita kuma a lokacin take tattara kwalaben turaren wuta da humrar da ta kasa. Ƙaramar bas ɗaya muke shiga mu koma gida, ƙauyensu kafin namu. Tun muna tsayawa a gaisuwa har ta kai tana tare mini wuri kusa da taga. Kakanninta daga Barno suka zo, amma ita nan aka haife ta. Tana kirana Malama, ni kuma ina ce mata ƙanwata, don na girme ta.

Da damina ta kankama sai na daina ganinta. Matar da ke kasa kaya kusa da ita ce ta faɗa mini dalili: ciki gare ta, kuma da yake ta sha yin ɓari, likita ya ce ta kwanta. Ba daka, ba ɗiban ruwa, ba shiga mota, har sai Allah ya sauke ta lafiya.

Na je duba ta wata Asabar. Gidan shiru, duk an tafi gona, sai kakarta da ta zo jinya tana tsince wake a ƙofar ɗaki. Na same ta kwance a gefenta na hagu, tana karanta wani yagaggen shafin jarida da aka naɗo ƙosai a ciki.

Ta ce, "Malama, ba ciwo ne ya dame ni ba. Yinin ne ba ya ƙarewa. Wannan takardar har na haddace ta."

A hanyar komawa na ƙudurta zan saya mata littafi. Na ɗauka abu ne mai sauƙi.

Mahaifiyata a unguwar Bacirawa cikin Kano take zaune, kuma akwai wani dattijo da ya daɗe yana sayar da littattafai a ɗan shagonsa kusa da tashar mota. Da na je gaishe ta sai na biya wurinsa. Na ce, "Baba, littafi nake so in kai wa ƙawata da ke kwance."

Ya ce, "Wane iri take karantawa?"

Na san farashin humrarta, na san ba ta son zama a kujerar baya, na san dariyarta. Amma abin da take so ta karanta, ban sani ba. Don in rufe kunya sai na miƙa hannu na ɗauko wani littafi a kan rainon ciki da kula da jariri.

Dattijon ya dube shi ya ce, "Me ya kwantar da ita?"

Na faɗa masa. Ya karɓi littafin daga hannuna a hankali ya mayar.

"'Yata, abin da take tsoro dare da rana shi za ki kai mata ta riƙa kallo? Akwai babi guda a ciki a kan ɓari. Wannan in ita ta nema, a ba ta. Amma ba kyauta ba."

Na juya wajen littattafan addini, na ce ai waɗannan ba mai ƙin su. Ya ce haka ne, sai dai na san wajen waɗanne malamai gidansu ke karatu? In na kai wanda ya saɓa da fahimtarsu, mijinta zai iya ɗauka wa'azi na zo yi musu. Na addu'o'i kuwa, da wuya a ce babu shi a ɗakinta. Na nuna na soyayya, masu bango kala-kala. Ya ce mata da yawa na son su, wasu kuma ko taɓa su ba sa yi, kuma a cikinsu akwai masu mutuwa da kuka tun daga farko har ƙarshe.

"Da boko take karatu ko da ajami? Hausa ko Turanci? Idonta lafiya?"

Wannan kam na sani, tunda na ga jarida a hannunta, ta Hausa ce. Ya ce to, an samu ɗaya. Sannan ya ce in koma in ƙara duba ta, kada in tambaye ta wane littafi take so, don kunya za ta sa ta ce ko wanne ma na gode. In saurari abin da take komawa kansa idan hira ta yi nisa. Na fito shagon hannu babu komai, ina ɗan jin haushin tsohon da ya ƙi cinikin da ya zo masa har gida.

Na koma wurinta da 'yar fura da nono. Wannan karon na rage surutu. Ta tambayi kasuwa, ta tambayi wa ya karɓe mata masu saye. Can sai ta ce, "Direbanmu na nan? Ya taɓa ce mini ya yi shekaru yana jigila zuwa gabas." Daga nan hira ta karkata. Ashe ita ba ta taɓa wuce Kano ba. Icen da take haɗa turare da shi daga can ake kawo shi, sana'ar ma daga can ta samo asali, amma garin kakanninta a baki kawai ta san shi. Sai na tuna ko a mota haka take. Duk fasinjan da ya ce daga nesa yake, sai ta tsare shi da tambaya: me ake ci a can, yaya ƙasar take, akwai duwatsu?

Da zan tafi na tsaya wurin kakar a tsakar gida, na rage murya na ce, "Inna, tana yarinya me take son ji?"

Tsohuwar ta yi dariya. "Wannan? Tatsuniya ba ta dame ta ba. Kullum sai dai in ba ta labarin hanyar da muka biyo muka zo nan."

Na koma Bacirawa da ƙarfin gwiwa. Na ce, "Baba, labarin tafiya nake so. Wanda aka je gabas, in akwai."

Ya ce, "Yanzu kika zo sayen littafi."

Ya duƙa ƙarƙashin kanta ya zaro guda biyu. Ɗaya ƙato ne, tarihi zalla, rubutunsa ƙanana kamar ƙwayar gero. Ɗayan siriri ne, wani mutum ya ba da labarin yadda ya bi motocin kaya har bakin tafkin Chadi. Na fi karkata ga ƙaton, don ya fi kama da kyauta. Dattijon ya ɗora mini shi a tafin hannu ɗaya ya ce in riƙe kamar ina kwance. Kafin ya gama magana wuyan hannuna ya gaji. Na ajiye.

Ya ba ni kujera ya ce in karanta farkon siririn, in kuma leƙa tsakiya da ƙarshe, kada in kai wa mai ciki abin da ban san me ke cikinsa ba. Na karanta. Babi-babi ne gajeru, da ban dariya nan da can, ba labarin tashin hankali. Ya kuma sa na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, don wani lokaci akan samu wanda madaba'a ta tsallake ko ta buga a kife. Da na biya sai ya ce in bai yi mata ba in dawo da shi a canza, in dai bai yage ba.

Na naɗe shi a sabon ɗankwali na kai mata. Ta juya shi gaba da baya, ta yi godiya sosai, amma irin godiyar da ba za ki gane komai daga cikinta ba. Na ce, "Ƙanwata, ban san abin da kike so ba, lalube na yi. In bai yi miki ba ki faɗa mini, mai shagon ya ce zai canza." Na tafi gida zuciyata ba ta kwanta ba.

Jarrabawar ƙarshen zango ta riƙe ni, na ɗan jima ban koma ba. Ranar da na je, tun daga zaure na ji muryar kakar tana faɗa.

"Ƙarya yake yi! Ba haka ake busar da kifin ba. Sake karanta wurin."

Na shiga na tarar da tsohuwar zaune a bakin gado, matan maƙwabta biyu a kan tabarma suna ɓarar gyaɗa, ƙawata a kwance tana karatu da ƙarfi. Ashe kullum bayan azahar haka suke yi. Ta karanta babi guda, kakar ta tare ta da gyara, daga gyara ta zarce da nata labarin: sunan unguwarsu, rijiyar ƙofar gidansu, ƙanwarta da aka bari a can. Wasu abubuwan ko 'ya'yanta ba ta taɓa faɗa wa ba.

Da matan suka fita na ce, "To, gaya mini gaskiya. Ya yi?"

Ta yi murmushi. "Gaskiya, Malama, ranar da kika kawo na so a ce na barkwanci ne, irin wanda mutum zai yi dariya har cikinsa ya ƙulle. Su na fi so tun ina makaranta. Kuma mutumin nan ya cika lissafin garuruwa, wani wurin tsallakewa nake yi."

Na ce to in mayar a canzo.

Ta danne littafin da hannu. "Wa zai ba ki? Inna ma ba za ta yarda ba. Yanzu fa sai in ji an kira la'asar ban sani ba."

Daga baya na kai mata na barkwancin. Kakar ta hana a karanta shi da yawa a zama ɗaya, wai kada dariya ta girgiza cikin.

Bayan an yanke gero ta haihu a asibiti, mace, lafiya lau. Ranar suna gidan ya cika da ƙamshin turaren da 'yan uwanta suka haɗa, na zauna kusa da ita aka miƙo mini jaririyar. Cikin hayaniyar ta matso kusa da kunnena ta ce ta yi magana da maigidan, ya amince: idan jaririyar ta yi ƙwari kuma hanya ta yi kyau, za su raka Inna Barno ta ga danginta. Har sun samu lambar wani jikan ƙanwar tata ta hannun masu kawo icen turare, kuma ƙanwar na raye.

"In mun tashi, Malama, ki shirya. Hutun makaranta za mu jira."

Na ce Allah ya kai mu. Kakar ta leƙo daga ƙofa ta ce a ba ta yarinyar haka nan, za a yi mata wanka.