Maganar da Na Yi a Kan Gashin Mutane

Shekara goma sha ɗaya na riƙe salon, wato wurin gyaran gashi, a Arlit, ɗaki guda da rumfa a bakin hanyar da motocin kamfanin haƙar ma'adini ke bi su kwashe ma'aikata. Kujera uku gare ni, da madubi biyu, da na'urar busar da gashi da na saya hannun wata Baturiya da za ta koma ƙasarsu. Matan manyan ma'aikata su ne abincina. Su ke zuwa wanke kai da miƙar da gashi duk ƙarshen wata, sauran mata kuma kitson suna da na salla.

Akwai wata yarinya 'yar Maraɗi, Kirista, da gwaggonta ta kawo mini. Da shara ta fara. Na koya mata tsaga da kibiya, na koya mata kalaba da shuku, daga baya na koya mata shafa man miƙar da gashi: a fara daga ƙeya, kada ya taɓa fata, a wanke kafin mace ta ce yana cizo. Ruwan garin nan busar da gashi yake, don haka na nuna mata yadda ake bin kai da man kaɗe bayan wanki. Ban ɓoye mata komai ba. Shekara shida muna tare, tana ce mini Tanti.

Kuskurena na farko lalaci ne. Da bayana ya fara ciwo sai na riƙa tura mata manyan matan nan, ni ina zaune ina hira. Na manta cewa mace hannun da ya saba da kanta take bi, ba ruwanta da mai ɗaki. Kafin in farga, sai mace ta leƙo ta ce, "Ina 'yar taki? To bari in jira ta."

A lokacin kasuwar ƙarfen da ake haƙa ta faɗi, kamfani na sallamar mutane rukuni-rukuni. Fari ya koro makiyaya sun kafa bukkoki a bayan gari. Tawaye ya tashi, mota ba ta fita zuwa Agadas sai da rakiyar sojoji. Iyalai suna ɗaure kaya suna komawa kudu, kawunan da ake kitsewa a garin suna raguwa. A cikin wannan hali ne yarinyar ta durƙusa gabana wata safiya ta ce ta yi aure, tana son ta buɗe nata wurin, in sa mata albarka.

Na ce, "A ina?"

Ta ce, "Kusa da mai walda, Tanti. Nan kawai na samu ɗaki mai wuta."

Daga ƙofata ana hango ƙofar mai walda. Na ce Allah ya ba da sa'a, amma ban kalle ta ba.

Cikin wata biyu rabin matana sun koma can. Ban ce ta kira su ba, ko sau ɗaya ban ji ta yi haka ba. Na yi abin da mai sana'a ke yi. Na rage farashi. Na ce wanke kai kyauta ga duk wadda ta yi kitso. Na bi gidaje barka da jaje, har inda ban saba shiga ba. Ranar da ayarin motoci ya shigo na riga ta zuwa wurin ɗan kasuwa na kwashe man miƙar da gashin da ya kawo duka, sai da ta yi mako uku ba ta da ko gwangwani ɗaya. Matan suka zo mini miƙarwa, suka koma mata kitso. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da abin rubutawa.

Kowa ya san mace ba ta barin gashinta a hannun wani. In an gama taje kai, mai kitso ta cire abin da ya zube daga mataji, ta dunƙule, ta sa wa mai shi a tafin hannu, ita kuma ta je ta binne ko ta jefa a masai, don kada wani ya yi mata asiri da shi. Ni da kaina na koya wa yarinyar nan haka tun makonta na farko, kuma ban taɓa ganin ta yi sakaci ba.

Wata Asabar da hantsi matar wani shugaban ma'aikata ta shigo, mace mai baki, wadda ta daɗe da barina.

Ta ce, "Hajiya, can layi ya yi yawa, na ce bari in zo gidan tsofaffi."

Na ce, "Tsohuwar ce dai ta yaye ki daga kitson gida, Madam. Zauna."

Muka yi dariya. Da na gama na dunƙule gashinta na miƙa mata, sai na ce, "Ga kayanki. Mu dai a nan muna mayar wa mutum nasa cif."

Ta juyo. "A can fa?"

Na ce, "Ni na ce can? Ki dai riƙa duba abin da aka ba ki, ko ya kai abin da ya zuba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma na san abin da nake yi. A lokacin duk matar ma'aikaci kwana take da tsoron sunan mijinta ya fito a takardar sallama, kowa na neman wanda zai zarga. Wata bai cika ba aka sallami mijin wannan matar. Ba ta ce kasuwar ƙarfe ba ce. Ta ce 'yar Maraɗi tana rage gashin mutane tana sayar wa matan da ke son a yi asiri mazansu su tsira, a sallami na wasu. Aka ƙara da cewa ai dama ba sallarmu ɗaya ba. Maganar ta hau motar ma'aikata ta isa Akokan, garin ma'aikatan da ke maƙwabtaka da mu.

Ɗakin yarinyar ya bushe. Ta zo mini da azahar, ciki ya fara nuna mata, ta tsaya a bakin rumfa ba ta shiga ba.

Ta ce, "Tanti, an ce daga nan maganar ta fito."

Na ce, "Bakin mata ne, ke ma kin san su."

Ta ce, "To ki faɗa musu. Ke kika koya mini, in kin ce ƙarya ne za su yarda. Kalma ɗaya, Tanti."

Akwai mata biyu a kujera, waɗanda suka dawo mini a makon nan. Na dube su, na ce mata ina aiki, ta dawo wani lokaci. Ba ta dawo ba. Kafin ta haihu mijinta ya sayar da kujerun, suka bi ayari suka tafi kudu.

Matan da na yi duk wannan dominsu, kaɗan ne suka zauna mini. Wata ta faɗa a gidan suna, ina zaune, cewa in 'yar tana haka, wa ya san abin da uwar ɗakinta ta koya mata. Da yawa suka koma kiran mai kitso cikin gida, inda suke share ƙasarsu da kansu. Waɗanda suka ci gaba da zuwa kuwa da matajinsu suke zuwa, idonsu a madubi yana bin yatsuna. Shekara biyu na yi ina aiki haka, sannan na rufe na dawo Damagaram.

An ce mini yarinyar tana Maraɗi tana sayar da abinci a bakin tasha, ba ta ƙara taɓa kan kowa ba sai na 'ya'yanta. Sau biyu na ba wani direba saƙo ya ce mata ni ce na fara maganar, ta yafe mini. Ya ce ya faɗa mata, ta zuba masa shinkafa, ta tambaye shi ko da yaji.