Ranar da Ɗanbala Ya Yi Ladabi

Ƙanena Ɗanbala ɗan acaba ne tsakanin Kwandiko da Birnin Kudu. Saƙon da yake ɗauka ya fi fasinja yawa, don ba kowa ke da waya ba, kuma ya san bakin da zai yi wa kowa magana. Aibinsa ɗaya, tsokana.

Da ya fara neman auren Munawwara, mahaifinta Malam Ƙasimu ya ce yaron ya cika wasa, zai yi tunani. Na zaunar da shi na ce, "Wallahi ka sake yin raha a gidan nan, ka rasa yarinyar." Ni na jawo, na sani, kada wanda ya tuna min.

Ran nan yayar Munawwara ta haihu a asibitin Birnin Kudu, aka aiko shi gidan Malam Ƙasimu da labari. A bakin kasuwa ya hango abokinsa Safiyanu, ƙanen mai jego, ya ƙwala masa kira: "Kai gwauro, an yi maka ɗa! Hancinka ya kwaso, Allah ya kyauta!" A ƙofar gida ya tarar da Na'ima, 'yar mai jego, mai shekara biyar, ya ce mata an kawo mata ƙane, amma bai da haƙori, kada ta ba shi gyaɗa.

Sai ya shiga wajen Inna Hapsatu, uwar Malam Ƙasimu, kakar Munawwara, tsohuwar da kullum take ce masa mijina. Nan gargaɗina ya faɗo masa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Ya gaishe ta da gajiya, da gida, da gona, har da awaki. Sannan ya yi ƙasa da murya: "Inna, daga asibiti aka aiko ni."

Haba! Wa ke kawo haihuwa haka? Tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta fasa salati, maƙwabta suka fara shigowa da mayafai.

"Inna, haihuwa ce! Namiji! Duk suna lafiya!"

Ta rarumo muciya. "Ɗan banza, ni za ka yi wa fuskar jana'iza? Ni surukarka ce? Fita ka sake shigowa!"

Ya fita, ya dawo a guje. "Tsohuwa, albishirinki!"

"Goro."

"An haifa miki sabon miji. Ni na sake ki, je ki nemi lalle!"

Yana juyowa ya ga Malam Ƙasimu tsaye a bayansa. Nan take ya zube ƙasa. "Baba, barka da arziki. Allah ya raya."

Malam ya buɗe baki, amma uwarsa ta riga shi.

"Ƙasimu, ya durƙusa maka, ni kuma ya ba ni dariya. Me kuma kake tunani? Ka sa musu rana tun ina da sauran ƙafar rawa."